Ƴan sitaji: haƙƙin da doka ta ba su da ƙofofin kai kuka

Kowace shekara makarantun koyon sana'a da jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna tura matasa maza da mata zuwa gidajen likita, bankuna, kamfanoni da ma'aikatun gwamnati domin su yi abin da ake kira sitaji, wato zaman koyon aiki na ƴan watanni. Waɗansu makaranta ce ta aike su, don ba za su samu takardar kammala karatu ba sai sun kawo shaidar sun yi. Waɗansu kuwa sun gama karatu tuni, suna zaune babu aiki, sai su karɓi sitaji da fatan wata rana a ɗauke su. Dukkansu abu ɗaya suke jira a ƙarshe: takardar shaida mai ɗauke da sa hannun shugaban wurin da hatiminsa, da kuma makin da zai ba su.

A wannan takarda ne raunin ɗan sitaji yake. Ma'aikaci na sosai yana da kwantaragi, yana da lamba a asusun CNSS, yana da wakilan ma'aikata da ƙungiyar ƙwadago da za su tsaya masa. Ɗan sitaji kuwa makomarsa tana hannun mutum ɗaya, kuma sau da yawa wannan mutumin shi ne mai zaluntarsa. Shi ya sa yarinyar da shugabanta ya matsa mata da neman lalata take yin shiru, yaron da aka mayar ɗan aike ba dare ba rana yake haɗiye baƙin cikinsa, kowa yana cewa bari dai in karɓi takardata in tafi. Amma dokar Nijar ba ta bar su hannu rabbana ba. Abin da ya fi cutar da su shi ne rashin sanin ƙofar da ta dace da kukansu, da kuma zuwa gare ta babu hujja a hannu.

Abin da ya kamata ɗan sitaji ya fara tantancewa shi ne matsayinsa, domin sunan ɗaya ne amma zaman iri-iri ne. Wanda makaranta ta aiko ɗalibi ne har yanzu. Abin da ya haɗa shi da wurin aikin shi ne takardar yarjejeniya tsakanin makarantarsa da ma'aikatar, kuma a cikinta ne ake rubuta ranar farawa da ranar gamawa, da aikin da zai koya, da sunan mai kula da shi. Wanda hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta tura cikin tsarinta na shigar da matasa masu takardu bakin aiki, shi ma yana da kwantaragi a rubuce, kuma hukumar tana da hannu a ciki, don haka yana da inda zai koma. Akwai yaron gareji ko na shagon ɗinki, wanda kundin dokar ƙwadago ya ce a rubuta masa kwantaragin koyon sana'a, kuma kada a ɗauke shi kafin ya cika shekara 14. Sai na ƙarshe, wanda shi ne ya fi yawa kuma ya fi shiga haɗari: wanda wani ɗan uwa ya roƙa masa alfarma, aka ce ya zo ranar Litinin, ya fara aiki babu takarda ko ɗaya. Duk wanda yake cikin wannan hali, ya nemi a rubuta masa ko da layi biyar ne da kwanan wata da hatimi. Idan an ƙi, ya ajiye kofin takardar neman sitajin da ya kai, da duk wani abu da ke nuna yana zuwa aiki.

Kundin dokar ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumba 2012, ya bayyana wane ne ma'aikaci tun a ayarsa ta 2. Shi ne duk mutumin da ya sa ƙarfinsa da saninsa ƙarƙashin umurnin wani, ana biyansa lada. Dokar ba ta dogara da sunan da maigida ya laƙaba ma mutum ba. Alƙali yana duban zahirin abin da ke gudana: wa ke ba da umurni, ƙarfe nawa ake zuwa, wane aiki ake yi, kuma ko akwai wani abin da ake koyarwa. Wannan batu shi ne ginshiƙin duk wata ƙara ta ci da gumi, kuma misali zai fi fito da shi fili.

A ɗauka wata yarinya ce ta gama karatun lissafin kuɗi, ta samu sitaji na wata 3 a wani kamfanin sayar da kaya a Maraɗi, daga farkon Janairu 2024 zuwa ƙarshen Maris. A wata na biyu mai riƙe da akwatin kuɗi ya bar aiki, aka ce ta zauna wurinsa kafin a samu wani. Wata 3 suka cika, babu wanda ya ce mata ta tafi, babu wanda ya sabunta takarda. Ta ci gaba da zuwa tun ƙarfe 8 na safe har ƙarfe 7 na yamma, Litinin zuwa Asabar, ita ke karɓar kuɗi, ita ke rufe lissafi, idan an samu giɓi daga aljihunta ake cirewa. Ƙarshen kowane wata ana miƙa mata jika 15 a ce kuɗin mota ne. Haka ta yi wata 11 bayan cikar wa'adin, har ƙarshen Fabrairu 2025.

Wata ukun farko sitaji ne, babu gardama. Amma wata 11 da suka biyo baya suna da dukkan alamun aiki na sosai: tana riƙe da gurbin da ma'aikaci ya bari, tana ƙarƙashin umurni, ana biyanta wani abu kowane wata, kuma babu mai koya mata kome. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya tashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 tun ranar 1 ga Janairu 2024. Idan aka yi lissafi da wannan kaɗai, wata 11 sun kama jika 462. Abin da ta karɓa jika 165 ne. Saura jika 297 ke nan, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ta nema, domin mai riƙe da akwatin kuɗi yana da matakin albashi da ya fi na lebura. Ba a sa awoyin ƙari ba, alhali doka ta tsaida awa 40 a mako, ita kuwa ko an cire mata awa 2 ta hutun rana tana yin awa 54. Ba a sa kuɗin hutu ba, ba a sa abin da ya kamata a zuba mata a asusun CNSS ba. Alƙali ne zai yanke ko zaman nata ya zama aiki, kuma ba zai yanke da jin tausayi ba sai da shaida. Shaidarta kuwa tana nan cikin aikin kanta: rasiɗan da ta sa ma hannu, littafin zuwa aiki, saƙonnin da shugaba ya aiko mata yana ba da umurni, da abokan cinikin da suka saba ganinta a wurin.

Ƙofar irin wannan kuka ita ce biron sufeton ƙwadago, wanda yake akwai a babban birnin kowace jaha. Zuwa wurinsa ba ya buƙatar kuɗi ko lauya. Sufeto yana kiran ɓangarorin biyu ya nemi sasanta su. Idan an daidaita, sai a rubuta takardar sasantawa kowa ya sa hannu, kuma abin da aka rubuta ya zama dole. Idan ba a daidaita ba, sai ya rubuta takardar rashin sasantawa, a ɗauki maganar zuwa kotun ƙwadago, inda shigar da ƙara kyauta ne. A nan akwai wurin da mutane da yawa ke yin asara: maigida ya zo da jika 50 a hannu, yarinya ta gaji, ta sa hannu a kan cewa ta karɓi dukkan haƙƙinta. Bayan wannan sa hannu, komawa baya yana da wuya ƙwarai. Ya kamata ta je da lissafinta a rubuce, wata bayan wata, kuma kada ta sa hannu a ranar idan ba ta gane abin da aka rubuta ba.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Nijar ta amince a 1979 da yarjejeniya mai lamba 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta wajabta ma sufeto ya ɓoye sunan wanda ya kawo masa labarin karya doka, kuma kada ya nuna ma maigida cewa ƙorafi ne ya sa ya kawo ziyara. Saboda haka ɗan sitajin da ke tsoron kora yana iya sanar da sufeto halin da ake ciki, ya roƙi a kai ziyarar bincike ba tare da an kira sunansa ba. Gaskiyar magana dai, a kamfani mai ma'aikata 200 wannan sirri yana da amfani, amma a shago mai mutum 4 maigida ba ya buƙatar boka kafin ya gane wanda ya kai ƙara. Kowa ya auna wurin da yake.

Neman lalata kuwa hanyarsa dabam ce, kuma ita ce ta fi buƙatar hankali. Aya ta 45 ta kundin dokar ƙwadago ta haramta ma kowa yin amfani da ikonsa a wurin aiki domin matsa ma wani ya biya masa buƙatar jiki. Kafin wannan, gyaran da aka yi ma kundin hukunta laifuffuka a watan Yuni 2003 ya riga ya mayar da abin laifi a aya ta 281.1. Gyaran ya yanke ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jika 10 zuwa jika 100 ga wanda ya tsangwami wani ta hanyar umurni, barazana ko tilas domin neman lalata. Idan mai laifin ya yi amfani da ikon muƙaminsa ne, ɗaurin ya kama daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 1, tara kuma jika 20 zuwa jika 200. Duk mai adalci zai ga hukuncin bai kai nauyin ɓarnar ba, idan aka tuna cewa yarinya tana iya rasa shekara guda ta karatu saboda maki ɗaya. Amma amfanin ayar yana wani wuri: ba ta tambayi ko wadda aka tsangwama tana da kwantaragi ba. Ɗaliba ce, ƴar sitaji ce, mai neman aiki ce, duk ɗaya ne a gaban dokar laifi. Haka nan ba ta ce mace kaɗai ba, namiji ma yana iya kai ƙara.

Sai a lura da kalmomi ukun nan: umurni, barazana, tilas. Su ne alƙali zai nema. Idan yarinya ta je ta ce shugabanta yana damunta, maganar ba ta da makama. Idan kuwa ta ce ranar Talata kaza, da ƙarfe 6 na yamma, bayan kowa ya tashi, ya kira ta biro ya ce takardarta tana nan cikin aljihun tebur amma ba zai sa hannu ba sai ta same shi a masauki kaza, to ga barazana, ga amfani da muƙami, ga abin da ake nema. Wannan bambanci shi ne ke raba ƙarar da za ta yi nisa da wadda za ta mutu a komisariya.

A koma ga yarinyar Maraɗi. A ce bayan ta fara tambayar albashi, shugaban ya sauya salo: ya fara aiko mata saƙo da dare, ya ce zai ɗauke ta aiki idan ta nuna hankali, daga baya ya ce idan ta ci gaba da taurin kai ko takardar shaidar sitaji ba za ta gani ba. Abin da zuciya ke fara raya mata shi ne ta goge saƙonnin saboda kunya ko tsoron kada a gani a gida, ta toshe lambarsa. Wannan shi ne babban kuskure, domin ta ƙone hujjarta da hannunta. Abin da ya dace shi ne ta bar saƙonnin cikin wayar yadda suke, rubutattu da na murya, ta ɗauki hotonsu ta yadda lambarsa da kwanan wata da lokaci za su fito, ta tura ma mutum ɗaya da ta amince da shi don kada waya ta ɓace. Ta samu ƙaramin littafi da ba ta kai shi wurin aiki, duk ranar da wani abu ya faru ta rubuta a daren nan: rana, lokaci, wuri, abin da ya faɗa da kalmominsa, da wanda yake kusa. Maigadi da ya ga an tsaida ta bayan tashi, ko abokiyar aiki da ta ga ta fito tana kuka, ba su ga laifin da idonsu ba, amma shaidarsu tana ƙarfafa labarin.

Yana da kyau kuma ta ba shi amsa sau ɗaya a rubuce, gajeriya, babu zagi, cewa ita aiki ta zo koyo kuma ya daina irin wannan magana. Dalili shi ne kariyar da masu wannan hali suka fi kawowa ita ce da yardarta ne, ko kuma wasa ne. Amsa guda mai kwanan wata tana rufe wannan hanya. Bayan haka ta guji zama da shi ita kaɗai, kuma kada ta karɓi kyautarsa ko ya rage mata hanya da mota.

Da hujja a hannu, sai zaɓen ƙofa. Ga ɗalibar da makaranta ta aiko, ƙofar farko mafi sauƙi ita ce makarantar kanta, wato malamin da ke kula da sitaji ko darakta. Makaranta tana da ikon janye ta, ta sauya mata wuri, ta sa wani ya ba ta maki, kuma wannan shi ke cire wuƙar daga hannun mai barazana. Wanda ANPE ta tura ya sanar da ita. Idan babban kamfani ne, akwai shugaban ma'aikata da wakilan ma'aikata. Amma ko'ina ne, a kai kukan a rubuce, kofi biyu, a ba da ɗaya a karɓi ɗaya da hatimi da ranar karɓa. Maganar baki tana ɓacewa, kuma ranar da aka kori yarinya za a ce ba a taɓa jin kome ba. Takarda mai hatimi tana nuna cewa kuka ya riga kora, ba kora ce ta haifi kuka ba.

Ga masu sitaji a ma'aikatun gwamnati, kamar gidan likita na gwamnati ko makaranta ko biron wani minista, akwai abin lura. Kundin dokar ƙwadago bai shafi ma'aikatan gwamnati na dindindin ba, suna da tasu dokar, don haka sufeton ƙwadago ba shi ne mai ladabtar da su ba. Kukan yana bin matakan shugabanci ne: shugaban wurin, daraktan jaha, har zuwa ma'aikatar ministan, inda ake da majalisar ladabtarwa. Idan wanda ake ƙara shi ne shugaban wurin, a tsallake shi zuwa na samansa. Jami'an da irin wannan takarda ke faɗowa hannunsu su sani cewa mayar da ita ga wanda ake ƙara domin ya ba da ra'ayi, da sunan yarinyar a kai, daidai yake da miƙa ta gare shi. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a raba su wurin aiki, a karɓe makinta daga hannunsa, sannan a yi bincike.

Duk waɗannan ƙofofi ba sa hana zuwa ga shari'a, kuma ba dole ba ne a bi su kafin a je. Ana kai ƙarar laifi a komisariyar ƴan sanda, ko wurin jandarmomi, ko kai tsaye da takarda zuwa ga alƙali mai gabatar da ƙara da sunan gwamnati a babbar kotun jaha. Ƴan sanda da jandarmomi duka suna da sashen kare mata da yara ƙanana, kuma ya fi kyau a tambayi wannan sashe tun daga bakin ƙofa maimakon a zayyana labari a gaban jama'a. Kai ƙara ba ya da kuɗi. Yarinya ta je da rakiyar wani babba da ta yarda da shi. Za a rubuta bayaninta da Faransanci, saboda haka tana da haƙƙin a karanta mata, a fassara mata da Hausa, kafin ta sa hannu. Kalma ɗaya tana iya sauya ma'ana: idan ta ce ya tilasta mata aka rubuta ya roƙe ta, laifin ya fita daga cikin ayar. Ta kuma nemi lambar ƙarar domin bin sawu. Idan mai gabatar da ƙara ya ajiye maganar bai bi ba, akwai sauran hanya ta kai ƙara gaban alƙali mai bincike, sai dai a nan ana ajiye wani kuɗi, kuma shawarar masanin doka ta zama dole.

Masanin dokar ma ana samunsa ba da kuɗi ba. Dokar watan Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ mai taimakon marasa ƙarfi a fannin shari'a, wadda aka buɗe ma birori a manyan kotuna. Ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, AFJN, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH su ma sun daɗe suna sauraron irin wannan kuka da taimakon rubuta takardar ƙara. Zuwa wurinsu tun kafin komisariya yana da amfani, domin za su duba hujjar su faɗi gaskiyar ƙarfinta.

Idan abin ya wuce magana ya kai ga taɓa jiki da ƙarfi ko fyaɗe, to an fita daga aya ta 281.1 an shiga manyan laifuffuka masu hukunci mai tsanani, kuma a nan lokaci ne ke mulki. Likita ake fara nema. Maganin rigakafin ƙwayar cutar sida yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa cikin kwana 5, kuma duka biyun gara da wuri. Kada a wanke tufafin, a sa su cikin takarda ko tsumma mai tsabta. Takardar likita ita ce babbar hujja, kuma ƴan sanda ko jandarmomi suna ba da takardar umurnin a duba mutum. Lambar kiran ƴan sanda ita ce 17.

Akwai ƙofa ɗaya da ta yi kama da mafita alhali rami ce, wato yaɗa maganar a WhatsApp ko Facebook da sunan mutumin da hotonsa. Ana gane abin da ke kai matasa ga haka, domin wanda ya ga an toshe masa ko'ina zai yi ihu a kasuwa. Amma dokar laifuffukan yanar gizo ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024, ta maido da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 ga wanda aka samu da ɓata sunan wani ta wannan hanya. A gwada wannan da ƙasa da shekara 1 da dokar 2003 ta yanke ma mai tsangwamar, sai a ga yadda wadda aka zalunta za ta iya wayar gari ita ce a gaban alƙali, da hukunci mafi nauyi a kanta. Saƙonnin da za su yi mata amfani a hannun mai bincike, su ne za su zame mata bala'i idan ta watsa su. Haka kuma ƙara gishiri a cikin ƙara yana da haɗari, domin ƙazafi a gaban hukuma laifi ne. A faɗi abin da ya faru daidai, kada a ƙara kome.

Sai maganar gida, wadda ita ce ta fi kowace nauyi a ƙasar Hausa. Yarinya da yawa ba alƙali suke tsoro ba, tsoronsu kada uba ya ce daga yau an gama aikin, ko maganar ta kai gidan wanda zai aure ta. Da zarar an ji ƙara ta fita, sai manya su taso, a zo da goro da ban haƙuri, a ce a rufa asiri. Sasantawa tana da wurinta: bashin albashi ana iya daidaita shi a zaure ko gaban sufeto, a biya a wuce. Laifi kuwa ba na mutum biyu ba ne, shi ya sa ko mai ƙara ta janye, mai gabatar da ƙara yana da ikon ci gaba. Kuma asirin da ake rufawa a irin wannan zama yawanci na mai laifin ne, wanda wata ƴar sitajin za ta zo hannunsa bayan wata uku. Iyayen da suka karɓi kukan ƴarsu da faɗa suna koya mata ta yi shiru ne a karo na gaba, ba su kare ta daga kome ba.

A fagen duniya an riga an gane wannan giɓi. Yarjejeniya mai lamba 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a watan Yuni 2019 ta ambaci ƴan sitaji da masu koyon sana'a da masu neman aiki da sunansu cikin waɗanda dole a kare, ta kuma haɗa da abin da ke faruwa a waya da kan hanyar zuwa aiki. Nijeriya maƙwabciya ta amince da ita a 2022. Irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ƙasa sai ƙasar ta amince da ita, amma babu abin da ya hana makarantun Nijar ɗaukar darasinta tun yanzu. Layi uku sun isa a cikin kowace takardar yarjejeniyar sitaji: sunan wanda ɗalibi zai kira a makaranta idan an matsa masa, alkawarin za a sauya masa wuri ba tare da ya rasa shekararsa ba, da sharaɗin cewa maki da takardar shaida mutum biyu ne za su sa musu hannu, ɗaya daga wurin aiki ɗaya daga makaranta. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi, daraktan makaranta yana iya rubuta shi kafin tura ɗaliban bana.